Neman Ƙarin Wa'adin Jinga: Yadda Ɗalibi Ke Rubuta wa Malaminsa Imel

Imel ɗin neman ƙarin wa'adi gajeriyar wasiƙa ce da ɗalibin jami'a ko kwaleji ke aika wa malamin da ke koyar da shi wani kwas, yana roƙon a ɗage masa ranar miƙa aikin jinga saboda wani uzuri da ya same shi. Yawanci ba ta wuce kalma ɗari da hamsin ba. Duk da gajartarta, ita ce ke tsayawa a madadin ɗalibin a gaban malami, domin a ajin da ke da ɗaruruwan ɗalibai da wuya malami ya san fuskar wanda ya rubuto, balle halinsa. Abin da ke cikin saƙon da lokacin da ya iso su kaɗai ne yake da su a hannu sa'ad da zai yanke hukunci.

Dalilin da ya sa lamarin yake da nauyi yana cikin yadda ake raba maki. A jami'o'in Nijeriya, makin kowane kwas ɗari ne, kuma an kasa shi gida biyu. Jarrabawar ƙarshen zango kan ɗauki maki 60 ko 70, sauran 40 ko 30 ɗin kuma na auna fahimta ne, wato gwaji da jinga da makamantansu waɗanda ake yi a cikin zango. Idan malami ya ware wa jinga maki 10 ko 15, ɗalibin da bai miƙa ba ya shiga ɗakin jarrabawa da giɓi. Wanda ƙoƙarinsa ya isa ya kai shi 62 sai ya tsinci kansa a 50, wanda kuma yake kan gaɓa sai ya faɗi, ya dawo maimaita kwas ɗin baɗi.

Shi ma malamin ba shi da cikakken iko a kan lokaci, kuma wannan ne ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Akwai ranar da sashe ke jiran makin auna fahimta. Akwai ranar fara jarrabawa, wadda ke cikin kalandar da majalisar jami'a ta amince da ita. Bayan haka, da zarar malami ya mayar wa aji takardunsu da aka duba, ko ya yi bayanin amsoshin a lacca, ba zai iya karɓar aikin wani a kan tambaya ɗaya ba tare da ya zalunci sauran ba. Saboda haka ƙarin kwana uku a tsakiyar zango abu ne mai sauƙi a wurinsa, amma kwana ukun nan a makon da ke gaban jarrabawa suna iya gagara ko da ya tausaya.

Lokacin aikawa

Babban abin da ke raba roƙon da ake karɓa da wanda ake watsi da shi shi ne ranar da aka aiko shi. Saƙon da ya iso kwana biyu ko uku kafin wa'adi ya cika yana nuna ɗalibin yana sane da aikinsa, ya hango ba zai gama ba, ya kuma nemi izini. Wanda ya iso bayan an rufe karɓa yana neman a yafe laifin da ya riga ya faru ne, kuma malami zai fara da tambayar me ya hana a yi magana tun da wuri. Akwai uzurin da ba ya sallama, kamar haɗarin mota ko rasuwa a daren da za a miƙa aiki. A irin wannan hali ɗalibi kan rubuta da zarar ya samu sarari, ya kuma faɗi a cikin saƙon abin da ya hana shi rubutowa kafin ranar.

Sa'ar da aka aika ma tana da tasiri kaɗan. Saƙon ƙarfe biyu na dare ba laifi ba ne, sai dai yakan nutse a ƙarƙashin waɗanda suka biyo bayansa. Gmail yana da wani zaɓi mai suna `Schedule send`, wanda ke ba mutum damar rubuta saƙo da dare ya tsara shi ya tafi da ƙarfe takwas na safe. Ga ɗalibin da sabis ɗin waya ya fi yi masa kyau da tsakar dare, wannan yana da amfani.

Kafin a rubuta komai, ana duba takardar tsarin kwas da malami ya raba a farkon zango, ko a tambayi wakilin aji. Wasu malaman sun riga sun faɗi ƙa'idarsu: ana cire maki kaza a kan kowace ranar latti, ko ba a karɓar uzurin rashin lafiya sai da takardar asibitin makaranta, ko kuma duk wani koke sai ya bi ta hannun malamin da ke kula da ajin. Ɗalibin da ya nemi abin da aka riga aka yi bayaninsa a aji ya tona wa kansa asiri cewa ba ya zuwa lacca.

Adireshi da kan saƙo

Abu na farko da malami ke gani shi ne sunan mai aikowa. Idan makaranta ta ba ɗalibi adireshin imel nata, da shi ake aikawa. Idan babu, ana amfani da adireshin da ke ɗauke da sunan yanka da na mahaifi kamar yadda suke a rajista. Adireshin da aka buɗe tun ana sakandare da laƙabin wani mawaƙi ko ƙungiyar ƙwallo yana zubar da girman saƙo tun kafin a buɗe shi, kuma yana hana malami gano mai shi a jerin sunayen aji.

Daga nan sai gurbin `Subject`, wato kan saƙo. Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan: a bar shi fayau, ko a rubuta kalma ɗaya kamar gaisuwa ko neman taimako. Akwai kuma masu zuba dukan wasiƙar a wannan gurbi su bar cikin saƙon babu komai, abin da yakan faru ga wanda ya saba da WhatsApp. Kan saƙo mai kyau yana ɗauke da lambar kwas da abin da ake nema, alal misali:

```
HAU 301: Neman ƙarin wa'adin jinga ta biyu
```

Lambar kwas tana da muhimmanci domin malami ɗaya kan koyar da kwas uku ko huɗu a zango guda, kuma da ita zai nemo saƙon nan gaba idan an zo haɗa maki.

Gurbin `Cc` kuwa ana barinsa. Sanya shugaban sashe ko shugaban tsangaya a cikin saƙon farko yana kama da kai ƙara tun kafin a yi laifi, kuma malamai ba sa jin daɗinsa. Inda ya dace a sa wani shi ne aikin rukuni, inda ake sanya sauran ’yan rukunin, ko kuma inda ƙa'idar sashe ta ce a sanar da malamin da ke kula da ajin.

Gaisuwa da gangar saƙo

Akasarin irin wannan saƙo da Turanci ake rubuta shi a Nijeriya da Gana, da Faransanci a Nijar, da Hausa kuma a sassan da ake koyar da Hausa, da Larabci a sassan Larabci. Ƙa'idar ita ce a yi amfani da harshen da ake koyar da kwas ɗin. Tsarin ba ya canzawa ko da wane harshe ne.

Ana buɗewa da muƙamin malami da sunansa: Farfesa, Dakta, Malam ko Malama. A duba muƙamin da kyau a allon sashe ko a takardar kwas. Kiran Farfesa da Dakta, ko kiran Dakta mace da Hajiya kawai, ƙaramin kuskure ne da ke ɓata rai ba tare da dalili ba. Sallama da “ranka ya daɗe” ko “ranki ya daɗe” sun isa girmamawa.

A nan ne tarbiyyar gida take cin karo da tsarin imel. Bahaushe ya tashi da cewa ba a tunkarar babba da buƙata kai tsaye. Sai an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da aiki, sannan a kewayo a hankali zuwa ga abin da ya kawo mutum. Wannan ladabi ne idan ana zaune a ofis ko a zaure. A rubuce kuwa, malamin da ke karanta saƙo a waya tsakanin lacca biyu yana iya gama sakin layi biyu bai san me ake so ba. Gaisuwar layi ɗaya ta wadatar, sannan ɗalibi ya faɗi ko shi wane ne: cikakken suna, lambar rajista, aji da kwas. A jumla ta gaba ya faɗi buƙatarsa.

Kunya ma takan sa ɗalibi ya kasa ambaton rana. Sai ya rubuta cewa a taimaka a ƙara masa “ɗan lokaci”, yana ganin tsayar da rana kamar ba malami umarni ne. A gaskiya rashin faɗin ranar ƙarin aiki ne ga malamin, domin sai ya sake rubutowa ya tambayi kwana nawa ake so, ko ya yi lissafin da kansa, kuma sau da yawa sai ya ajiye saƙon da niyyar komawa, ya manta. Saƙon da ya ce “zuwa ranar Laraba 19 ga Maris, ƙarfe 12 na rana” ana iya amsa shi da kalma ɗaya. Duk sauran ƙa'idojin wannan wasiƙa manufarsu ke nan: a bar wa malami aikin cewa “na amince” ko “ban amince ba” kawai. Ana rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 yana iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris.

Uzuri kuma jumla ɗaya ko biyu ne. Malami yana buƙatar sanin irin matsalar da kwanakin da ta ci, ba ya buƙatar sunan kowace allura ko tarihin rikicin gida. Ɗalibar da ta haihu ko ta yi ɓari, ko ɗalibin da ke fama da wata larurar da ba ya son bayyanawa, yana da damar cewa “larurar rashin lafiya” ya haɗa da takardar likita, ya tsaya a nan.

Uzurai ba ɗaya suke ba a idon malami. Rashin lafiya mai takarda, rasuwar makusanci, haɗari, da wakiltar makaranta a wata gasa suna da ƙarfi, domin ba ɗalibi ne ya jawo su ba kuma ana iya tabbatar da su. Ɗauke wuta, ƙarewar data da yawan ayyukan wasu kwasa-kwasai ba su da ƙarfi, saboda duk ajin suna fama da su kuma sauran sun miƙa nasu. Lalacewar kwamfuta ko satar waya suna tsakiya: ana jin tausayi, amma tambayar da ke biyo baya ita ce me ya sa ba a ajiye kwafin aikin a wani wuri ba. Ɗalibin da uzurinsa ba shi da ƙarfi ya fi samun sassauci idan ya faɗi gaskiya a taƙaice, ya nemi kwana ɗaya ko biyu, ya kuma nuna a shirye yake a cire masa makin latti. Ƙirƙirar rasuwa ko sayen takardar asibiti ta bogi kuwa ya fita daga batun jinga ya shiga batun kwamitin ladabtarwa, kuma hukuncinsa ya fi asarar maki 15 nesa ba kusa ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wata ɗaliba ’yar aji uku a sashen koyar da harsunan Nijeriya. An ba su jinga mai shafi goma, za a miƙa ranar Juma'a 14 ga Maris da ƙarfe 12 na rana. Ta rubuta shafi shida, sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita a asibitin makaranta daga Lahadi 9 ga wata zuwa Talata 11. Likita ya sallame ta ya ce ta huta kwana biyu. Ranar Laraba 12 ga wata ta zauna ta yi lissafi.

Kwana biyar ne suka kuɓuce mata: uku na kwanciya, biyu na hutu. Shafi huɗu suka rage, da jerin manazarta, da bugawa. Idan ta nemi kwana biyar daga ranar 14, wa'adin ya faɗo Laraba 19 ga wata. Wannan adadi yana da hujja domin daidai yake da abin da ta rasa. Da ta nemi mako biyu, malami zai ga an wuce gona da iri. Da kunya ta sa ta nemi kwana ɗaya, da ta kasa cikawa ta dawo neman ƙari na biyu, wanda ya fi na farko wuyar samu. Ga abin da ta aika:

> Assalamu alaikum Dakta, ranka ya daɗe. Barka da aiki.
>
> Sunana wance, lambar rajista kaza, ’yar aji uku, ina ɗaukar kwas ɗinka HAU 301. Ina roƙon a ƙara mini wa'adin miƙa jinga ta biyu daga Juma'a 14 ga Maris zuwa Laraba 19 ga Maris, ƙarfe 12 na rana.
>
> An kwantar da ni a asibitin makaranta daga 9 zuwa 11 ga wata, likita kuma ya ba ni hutun kwana biyu. Na haɗo takardar asibitin da wannan saƙo. Na riga na rubuta shafi shida cikin goma, su ma na haɗo su domin ka ga inda na tsaya.
>
> Idan wannan rana ba za ta yiwu ba, zan bi duk ranar da ka ga ta dace. Idan kuma ana buƙatar in kawo ainihin takardar ofis, zan kawo.
>
> Na gode, Allah ya ƙara girma.
>
> Wance, lambar rajista kaza

Abin da ya fi ƙarfafa wannan saƙo shi ne shafi shidan da ta haɗo. Babban zargin da ke zuwa wa malami idan an nemi ƙarin lokaci shi ne ɗalibin bai ma fara aikin ba. Daftarin da aka haɗo yana kawar da wannan zargi ba tare da rantsuwa ba. Jumlar da ta ce za ta bi ranar da malami ya zaɓa kuma ita ce ta mayar da saƙon roƙo: ta kawo shawara, ta bar hukunci a hannunsa. Babu “ka yi wa Allah da Annabi”, babu maganar cewa rayuwarta na hannunsa. Irin wannan magiya tana ɗora wa malami nauyi a zuciya, amma ba ta ba shi hujjar da zai kare kansa da ita idan wani ɗalibi ya tambayi me ya sa aka ɗaga wa wance ƙafa.

Game da abin da ake haɗowa, takardar asibiti a ɗauke ta a wuri mai haske yadda hatimi da kwanan wata za su fito, a mayar da ita PDF, a sa mata suna mai ma'ana, misali `HAU301_takardar_asibiti.pdf`. Gmail ba ya ɗaukar haɗe-haɗen da suka wuce 25 MB a saƙo ɗaya. Idan sun wuce yakan mayar da su mahaɗin Google Drive, wanda malami ba zai iya buɗewa ba sai an ba shi izini. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a rubuta “na haɗo” a manta ba a haɗo ba. Bayan aikawa ana buɗe akwatin `Sent` a tabbatar saƙon ya tafi da takardunsa, domin inda sabis ba shi da ƙarfi yakan maƙale a `Outbox` mai shi yana zaton ya isa. Harafi ɗaya da aka kuskure a adireshi ma ya isa ya hana saƙo zuwa, wani lokaci ya dawo da sanarwar gazawa, wani lokaci ya faɗa akwatin wani mutum dabam.

Bayan an aika

Amsa iri uku ce. Idan malami ya amince, ɗalibi ya mayar da godiya ta layi ɗaya yana maimaita ranar, ya adana saƙon, ya kuma miƙa aikin a kan lokaci ko kafin lokacin. Idan ta imel ake miƙawa, ya fi kyau a aika aikin a matsayin amsa ga saƙon amincewar, domin izinin da aikin su zauna wuri ɗaya. Idan a takarda ake miƙawa, a buga amincewar a maƙala a gaba, musamman inda wakilin aji ko wani mataimaki ne ke tattara takardu. Idan da baki malami ya amince a bakin ofis, ɗalibi ya aika gajeren saƙo yana godiya da ambaton ranar da aka tsayar. Malamin da ke duba ɗaruruwan takardu yana iya mantawa da alkawarin da ya yi a tsaye.

Idan ya ƙi, ba a jayayya. Ɗalibi ya miƙa abin da yake da shi a ranar da aka sa, domin shafi bakwai da aka miƙa suna samun wani abu, shafi goman da ba a miƙa ba kuwa sifili ne. Inda uzurin babba ne, kamar doguwar jinya da ta shafi kwasa-kwasai da yawa, hanyar ita ce malamin da ke kula da ajin, sannan shugaban sashe, da rubutacciyar takarda da shaidar asibitin makaranta. Wannan ya wuce abin da imel ga malami ɗaya zai warware.

Amsa ta uku, wadda ta fi yawa a wasu makarantu, ita ce shiru. Akwai malaman da ba sa buɗe imel sai jefi-jefi, akwai kuma saƙon da ke faɗawa akwatin `Spam`. Shiru ba amincewa ba ne, kuma ɗalibin da ya ɗauke shi haka ya yi wa kansa. Bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki, ana tura tunatarwa ta layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, ba sabon saƙo ba, ko a je ofis a lokacin ganin ɗalibai da kwafin saƙon a hannu, ko a roƙi wakilin aji ya sanar da malami cewa akwai saƙo a akwatinsa. Kiran wayar malami da dare, ko tura masa saƙon murya a lambar da bai ba ɗalibai ba, yakan ɓata abin da imel ɗin ya gyara. A duk tsawon wannan jira ɗalibi yana ci gaba da aikin, domin matuƙar malami bai amsa ba, wa'adin farko ne ke aiki.